RA'AYINMU: Ina mataccen batirin Jekadafari yake zuwa?

Ma'aikata da dama da ke karanta wannan shafi a Abuja sun sanya wa iyayensu sola da inbata a gida, domin rage musu wahalar ɗauke wuta. Abin yabo ne. Sai dai batirin da ke riƙe wutar ba ya dawwama. Bayan shekara biyu zuwa huɗu ya kan daina riƙe caji, musamman a gari irin Gombe inda zafin Maris da Afrilu ke gajarta masa kwana. Daga nan sai a tura shi bayan ɗaki, kusa da matattun fitilu masu caji da tsofaffin wayoyi, har ranar da ɗan gwangwan zai ratso layin da kurarsa. Ranar ce wannan jarida take son a duba da idon basira.

Mu ɗauki gida ɗaya a Jekadafari, unguwa mai cunkoso a tsakiyar Gombe, inda gidaje da shaguna ke manne da juna, kuma Asibitin Ƙwararru na jiha ke nan kusa. A ce gidan na da manyan baturan inbata biyu, irin masu lambar 200Ah. Kowane ɗaya ya kai nauyin kilo 60, kuma fiye da rabin nauyin nan dalma ce. Ke nan akwai dalma kusan kilo 70 a ɗaki guda, tana jiƙe cikin ruwan batir mai cin fata da tufafi. Ƙaramin batirin da ke cikin fanka mai caji da yawancin tsofaffin fitilu ma irinsa ne, girma kawai ya bambanta su.

Muddin batirin na rufe, bai tsage ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa daga wajen ciniki. Da awon kilo ake sayensa, mai saye kuwa ba ya son biyan kuɗin ruwa ko ɗaukar nauyinsa, don haka sau da yawa a kan tuntsurar da ruwan a kwata ko a ƙasa tun kafin a ɗora shi a sikeli. Ruwan ba shi kaɗai yake fita ba, yana tafe da dalmar da ta narke a cikinsa. Idan aka kai shi wurin tara kaya, sai a sa gatari ko guduma a fasa, a zare farantan dalmar, wani lokaci a narka su a kan wuta a fili. Ƙurar da ke tashi tana sauka a ƙasar da yara ke wasa, tana kuma bin mai aikin har gida a rigarsa da takalminsa. Dalma ba ta ruɓewa. Inda ta zuba a nan take zama shekara da shekaru, sai dai ruwan damina ya kwashe wani abu daga ciki ya gangara da shi unguwannin da ke ƙasa.

Arewa ta san gubar dalma, kuma ta san ta da hawaye. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje. Wancan daga haƙar ma'adinai ne, amma an ga irinsa daga batir. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a wurin da mutane suka daɗe suna fasa baturan mota, har mata suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma su sayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na shanye ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke shanyewa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda take ɓuya. Ciwon ciki, amai, ƙarancin jini da kasala duk alamu ne da za a iya ɗora wa zazzaɓin cizon sauro, yaron da ya sha kaɗan-kaɗan kuwa ba ya nuna komai sai raunin fahimta a makaranta. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun maigida. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai lokacin caji, a cire shi daga aiki. A ajiye shi a tsaye a kan katako ko cikin baho na roba, a inuwa mai iska, nesa da murhu da randar ruwa da hannun yara. Kada a yarda a zubar da ruwansa a ƙofar gida, ko da hakan zai rage farashi, kuma kada a mai da fankon batir mazubin ruwa ko abincin kaji. Idan ruwan ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, na ido kuma a garzaya asibiti. Mafi dacewa shi ne a miƙa tsohon, a rufe yadda yake, ga dillalin da ya kawo sabon.

Batirin waya da na fawabank nasa haɗarin daban ne, domin na litiyam ne, kuma wuta ce barazanarsa. Wanda ya kumbura har ya ɗaga murfin waya kada a huda shi, kada a matse shi, kada a sake sa shi a caji. A liƙe bakinsa da salatif, a ajiye shi shi kaɗai cikin yashi, kuma kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, na agogo da makullin mota, idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa biyu. Ba a jira, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa.

To, bayan an ajiye, sai ina? A nan ne alhakin ya dawo Abuja. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011, kuma a 2024 aka fito da ƙa'idoji na musamman kan batir, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da shi nauyin karɓarsa idan ya mutu, suka kuma wajabta rajista ga masu tarawa da masu narkawa. A takarda tsarin ya yi kyau. Amma tambayi magidanci a Jekadafari inda zai kai tsohon batirinsa, amsar da ta fi kusa da bakinsa ita ce ɗan gwangwan.

Ba ma goyon bayan a kori 'yan gwangwan. Su ne ke shiga lungun da motar hukuma ba ta shiga, kuma korarsu za ta mai da fasa batir cikin gidaje ne, inda ya fi muni. Abin da ya kamata shi ne a sauya lissafin cinikin: masu shigo da batir su biya farashin da zai sa kawo shi a rufe da ruwansa ya fi riba a kan kawo shi a fashe. NESREA da hukumar muhalli ta Jihar Gombe, GOSEPA, su yi wa manyan dillalan gwangwan rajista, su ware wuraren karɓa a shagunan masu sayar da sola da masu gyaran waya, su kuma sanar da adireshinsu da Hausa da Fulfulde a gidajen rediyo. Ma'aikatun tarayya su ma su fara da kansu: duk lokacin da za a yi gwanjon tsofaffin baturan ofis, a rubuta cikin sharuɗɗa cewa sai mai rajista zai saya, kuma ya kawo shaidar masana'antar da ya kai su.