Kashi Ashirin na Wane Kuɗi?

Idan dillali ya ce maka kada ka damu, masara ta hau da kashi 20 cikin 100 sannan ta sauko da kashi 20, don haka kuɗinka na nan yadda suke, kada ka amsa tukuna. Ɗauko biro mu lissafa tare.

A ce ka sayi buhu a kan naira 50,000 ka ajiye. Farashi ya hau zuwa 60,000. Bambancin 10,000 ne. Raba shi da tsohon farashi, wato 50,000, ka ninka da 100. Ka sami kashi 20. Har nan dillali bai yi kuskure ba.

Yanzu saukar. Kashi 20 na wane kuɗi za a cire? Na 60,000, domin a nan farashi yake tsaye lokacin da ya fara faɗuwa. Kashi 20 na 60,000 kuwa 12,000 ne. Buhu ya koma 48,000. An ƙara 10,000, an cire 12,000. Ka yi asarar 2,000 a kowane buhu. In buhu 40 ka ajiye, naira 80,000 ke nan, ban da kuɗin dako da hayar shago.

Dalilin ɗaya ne. An auna ƙarin a kan ƙaramin kuɗi, an auna ragin a kan babba. Ko da faɗuwar ce ta riga zuwa, amsar ba ta sauyawa: 50,000 ta koma 40,000, a ƙara kashi 20, wato 8,000, a sake tsayawa a 48,000.

Ana iya gane girman giɓin tun kafin a taɓa kuɗi. Ninka adadin kashin da kansa, ka raba da 100. Kashi 10 sama da ƙasa na cin kashi 1. Kashi 20 na cin kashi 4. Kashi 50 na cin kashi 25, rubu'in jari cur. Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, domin a shekarar tsada irin wannan hawa da sauka ba baƙon abu ba ne.

Mutanen Nijar sun ga haka da idonsu a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da kashi 50. Faran ɗaya na Faransa da ake samu a sefa 50 ya koma sefa 100. Daraja ta faɗi da rabi, amma mai sayen kayan waje ninki biyu ya biya, ƙarin kashi 100.

To nawa buhun da ya faɗo daga 60,000 zuwa 48,000 zai hau kafin ya koma 60,000? Raba 12,000 da 48,000, ka ninka da 100. Kashi 25 ne.