Filin Lafiyarki: Ina Za A Ajiye Allurar Mama In An Ɗauke Wuta?

Wata ƙanwarmu 'yar sakandare ta rubuto mini daga Gusau, ta ce mahaifiyarta na da ciwon suga, ita ce ke yi mata allurar insulin safe da yamma, ga shi sai su kwana uku ba wuta. Tana tsoron kada maganin ya lalace a hannunta. To ƙanwata, matso kusa ki ji.

Kwalbar insulin da ba a buɗe ba, wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara amfani da ita kuwa tana iya zama a waje kimanin kwana 28, muddin ba ta sha rana ba. Yawancin kwalaye na cewa kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, alhali a watan Afrilu garuruwanmu kan haura 40. Amma kada hankalinki ya tashi. A 2021 an fitar da wani bincike da aka yi kan zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, aka tarar insulin bai rasa ƙarfinsa ba har sati huɗu. Abin gudu dai shi ne rana kai tsaye, da bakin murhu, da cikin mota, da saman sif a ɗaki mai rufin kwano.

Dabarar da nake ba mutane ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ki zuba yashi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar a ciki, ki cike tsakaninsu da yashi, sannan ki jiƙa shi sharaf. Ki sa kwalbar a 'yar roba mai murfi don kada rubutun jikinta ya jiƙe, ki ajiye a ƙaramar tukunyar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bin iska shi ke tafiya da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Don haka a inuwa za ki ajiye ta inda iska ke kaɗawa, kina ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani; da damina iska ta riga ta jiƙe, sanyin kan ragu. Kuma ki sani ba firji ba ce, sauƙin zafi kawai take kawowa.

In wuta ta dawo, kul kika jefa shi a firiza wai don ya rama sanyi! Insulin ɗin da ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke. Haka in ƙanƙara kika sayo kika sa a kula, ki naɗe kwalbar da tsumma kada su haɗu.

Ga lissafi. Kwalba mai mililita 10, mai yunit 100 a kowace mililita, yunit 1,000 ke nan. In Mama na karɓar yunit 30 a rana, a kwana 28 ta sha 840, saura 160. Na san kuɗinsa da ciwo, amma kada ki yi ta ja da ragowar ba tare da kin tambayi likitanta ba. Ranar da kika buɗe, rubuta kwanan wata a jikin kwalbar.

Ya za ki gane ya lalace? Wanda asalinsa garau yake kamar ruwa, in ya yi duhu-duhu ko gurɓi-gurɓi, a yar. Mai kama da madara kuwa ki murza shi a hankali tsakanin tafukanki. In ya bar gudaji ko ya manne a jikin kwalba, shi ma ya gama. Wani lokaci ido ba ya gani, sai dai ki ga sugan Mama na hawa, ga ƙishirwa da yawan fitsari, alhali ba ta sauya abinci ba. Nan sai asibiti, kada ki ƙara mata yunit da kanki.

Ƙwayoyi fa? Su kada su shiga tukunyar, danshi ne abokin gabarsu. Ki bar su cikin ledar da suka zo da ita, a akwati can ƙasa-ƙasa inda yara ba sa kaiwa. Sirop ɗin yara mai zuwa a gari, irin su amoksisilin, da dafaffen ruwan da ya huce ake haɗa shi daidai layin kwalba. Da an haɗa, kwana 7 ne yawanci, wasu 14, ki duba kwalin. Wasu ma sai da firji. In babu firjin, ki faɗa wa mai kemis tun kafin ki biya kuɗi. Wanda ya rage bayan kwanakin, zubar da shi, ba a ajiye wa ƙani.

Allah Ya ba Mama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.