Masassarar mai shan maganin kansa ba ta jiran safiya

Ƴan uwa mata, a nan Gure mun saba idan jiki ya yi zafi mu ce cizon sauro ne, mu sha farasitamol mu kwanta. Ga ƴar uwarmu da ta dawo daga Yamai bayan ƙarin ruwan maganin kansa, wannan sabon yana iya kisa.

Maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan. Sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 da 14 bayan ƙarin ruwan. A lokacin, ƙaramar cuta kan bi jini cikin awoyi kaɗan.

A ce kwana 10 ke nan, da dare ta kama rawar sanyi. Mu auna zafin jikinta kafin kowane magani, don farasitamol yana ɓoye masassara. Idan ya kai 38, sai asibiti nan take, da takardunta a hannu. Mu faɗa tun daga ƙofa: “Tana kan maganin kansa.” Ana so a fara yi mata allurar antibiyotik cikin awa guda da isowarta, ko da za a gwada cutar sauro.

Mu ware kuɗin mota a asusunmu, ko za a tura ta Damagaram. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.