Ɗakin kaka ba kotun ɗaukaka ƙara ba ne

Duk malamin firamare da ya ɗan daɗe a Agowe Zongo ya san wannan amsa. Ka tambayi yaro dalilin da bai zo aji jiya ba, sai ya ce maka, ko kunya babu: "Kaka ce ta ce in zauna." A wurinsa magana ta ƙare, don ya kawo sunan da babansa ma ba ya iya ja da shi. Ra'ayina shi ne, shagwaɓar kakanni ba laifi ba ce a kanta. Inda take zama ɓarna shi ne lokacin da uba ko uwa suka kafa doka, kaka ta rushe ta a ɓoye, yaro yana kallo.

Mu fara ba kakanni haƙƙinsu. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 aka mayar da mutanenmu nan arewacin gari, neman abinci ya zama tafiya mai nisa. Uwa ta kama hanyar Asigame tun da asuba, uba yana bin manyan motoci daga tashar jirgin ruwa zuwa Sinkase, Wagadugu ko Yamai, ya yi mako biyu ba a gan shi ba. Wa ke riƙe da yaran? Kaka. Ita ke wanka, ita ke dama koko, ita ke jinya. Kuma al'adarmu ce ta ba ta wannan sassauci: iyaye suna kunyar ɗan fari, kaka kuwa abokiyar wasa ce, ta kira jikanta miji, ta kira jikanyarta kishiya. Yaron da ba shi da inda zai sake ya yi dariya, yaro ne abin tausayi.

Amma wasa daban, doka daban. Bari in kawo misalin wani ɗalibina na ajin CE1, ɗan shekara takwas, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Babansa direba ne, ya bar dokoki biyu kafin ya tafi: ba fashin makaranta, kuma kuɗin tara dala ashirin ne a rana, wato sefa 100. Kakar kuwa, duk ranar da aka wayi gari da yayyafi ko yaron ya ce cikinsa na ciwo, sai ta ce ya kwanta, ai boko ba guduwa zai yi ba. Ta kuma riƙa ƙara masa dala arba'in daga bakin zanenta, tare da kashedin kada ya faɗa wa mamansa.

Ku yi lissafin tare da ni. Fashin kwana biyu a wata kamar ba komai ba ne. Amma shekarar karatu wata tara ce, kenan kwana 18, kusan mako huɗu na aji. Kuma ɗan Zongo ba kamar yaron da ake Faransanci a gidansu ba ne. Hausa yake ji a gida, Mina a titi, Larabci a makarantar allo. Faransancin da za a yi masa jarrabawa da shi, a aji kaɗai yake jin sa. Darasin karatu kuma sarƙa ne: sautin da aka koyar ran Talata, a kansa za a ɗora na Laraba. Da muka kai zango na biyu, yaron yana iya kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma in na rufe allon na yi shifta, sai ya tsaya yana kallon na kusa da shi. Wannan ramin ba ya cikewa da kansa. Yana bin yaro har CM2, ranar jarrabawar CEPD, lokacin da kaka ba ta da ikon cewa a ɗaga masa.

Kuɗin ma haka. Sefa 200 a rana, kwana biyar, jaka guda kenan a mako a hannun ɗan shekara takwas, ba wanda ya san inda take zuwa. Amma abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan "kada ka faɗa". Ranar da babba ya koya wa yaro ɓoye wa uwarsa abu, ya koya masa cewa gaskiya tana da ƙofar baya. Gobe in wani a waje ya ba shi kuɗi ya ce kada ya faɗa a gida, ya riga ya saba.

Wani zai ce: malam, ai ceto al'adarmu ce, yaro ya yi laifi ya ruga bayan kaka. Haka ne, kuma ina goyon bayansa. Kakar da ta riƙe hannun ɗanta don kada ya yi wa yaro dukan fushi ta yi daidai. Sai dai ceto a fili ake yin sa. Kaka ta ce: "Ya yi laifi, amma ka bar min shi yau, ba zai sake ba." Ta amince akwai laifi, ta amince akwai mai doka, ta nemi afuwa. Wadda ta jira uba ya juya baya ta ce "rabu da shi, shi ma haka ya yi yana yaro", ita kam ta kashe dokar ne gaba ɗaya.

To mene ne mafita, tunda ɗa ba ya yi wa uwarsa faɗa, suruka kuwa ko tari ta yi sai a ce ta raina uwar miji? A gidan yaron nan, abin da ya yi aiki shi ne rage dokokin. Da uban ya dawo, na ba shi shawara ya bar wa tsohuwa duk abin da ba ya cutarwa: alewa, ƙosai, tatsuniyar dare, kwana a ɗakinta ran Asabar. Ya riƙe abu biyu kawai. Na farko, ciwon da ya isa hana zuwa makaranta ya isa zuwa asibiti a ranar. In jiki da zafi, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Na biyu, duk abin da kaka za ta ba jika, ta ba shi a gaban uwarsa. Dokar farko tana kare yaron da ke ciwon gaske, tana kuma warkar da ciwon cikin safiyar Litinin cikin gaggawa.

Bai kuma je mata da umarni ba. Ya tafi da ƙanen tsohuwar, wato kawunsa, bayan isha'i yara sun yi barci, ya ce: "Inna, ni ba na gari, ke ce idona. Na danƙa miki karatun yaron nan." Daga ranar ita ke raka shi bakin makaranta, ita nake nuna wa sakamakonsa a ƙarshen wata, ina fassara mata da Hausa. Fashin ya tsaya. Karatun bai gyaru dare ɗaya ba, sai da muka koma baya muka bi sautukan da suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Iyaye, ku daina kafa doka goma da ku kanku ba ku iya tsarewa, kuma kada ku musa wa tsofaffi a gaban yara. Kakanninmu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ku shagwaɓa jikokinku yadda kuke so, amma in kun ga dokar 'ya'yanku ta yi tsauri, ku kira su ɗaki ku faɗa musu. Jikan da kuka ɓoye yau a bayan labule, shi ne zai zauna shi kaɗai gaban takardar jarrabawa.