Takardar Likita Ba Laya Ba Ce

Mutumin Dangoma ba ya sayar da sa sai ya ji farashi da kunnensa, ya ƙirga kuɗin da hannunsa. Amma shi ɗin ne zai fito daga ɗakin likita a Kalgo ko Birnin Kebbi, ya naɗe takardar magani kamar laya, ya miƙo mini ta taga, ya karɓi leda ya hau babur bai tambayi komai ba. In na tsayar da kai, amsarka ɗaya ce: "Ai rubutun likita ba ya karantuwa." Ban yarda da wannan uzuri ba. Sunan maganin na iya gagarar ka, wani lokaci mu ma sai mun koma mun tambayi wanda ya rubuta. Amma abin da ke biye da sunan haruffa ne kaɗan da lambobi, kuma su ne umarnin da za ka bi a gida.

Ɗauki wannan layi, wanda nake gani kullum: Caps amoxicillin 500mg tds x 5/7. Haruffan tds na nufin sau uku a rana, kamar yadda od ke nufin sau ɗaya, bd sau biyu, qds kuma sau huɗu. Shi kuwa 5/7 ba biyar ga watan bakwai ba ne. Kwana biyar ake nufi, domin bakwai ɗin kwanakin mako ne. In ka ga 2/52 mako biyu ne, 1/12 kuma wata guda. To, ka yi lissafi: uku sau biyar, kafso 15. In aka miƙo maka kati ɗaya mai kafso goma, maganin kwana uku ne da ɗoriyar guda ɗaya, ko da kuwa an ce maka "wannan ya isa". Ka ƙirga a gaban tagar, ba bayan ka isa gida ba.

Kuma ina da ja da wannan "safe, rana, dare" da muke faɗa da baki muna zana sanda uku a bayan leda. Laifinmu ne mu ma'aikata, gaggawar layi ce ta koya mana shi. Mutum ya sha da ƙarfe tara, ya sha da ƙarfe ɗaya, ya sha bayan Magariba, ya ce ya cika sau uku. Ya cika ƙirga, amma daga Magariba zuwa hantsin gobe ya bar jikinsa wajen awa 14 ba a ƙara masa komai ba, ƙwayar cuta kuwa ba ta barci. Ga irin wannan magani, sau uku na nufin bayan kowace awa takwas: ƙarfe shida na safe, ƙarfe biyu na rana, ƙarfe goma na dare. Wato bayan Asuba, lokacin Azahar, sai kuma gab da kwanciya, ba da Isha'i ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, artemether/lumefantrine. Ga babba mai nauyin kilo 35 zuwa sama likita kan rubuta 4 tabs bd x 3/7, yana nufin ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfin 20/120: huɗu a kowane sha, sha shida, jimilla 24. Sai dai akwai babbar ƙwaya mai 80/480, wadda guda ɗaya ke tsayawa a madadin huɗun, shida kawai ke cikin kwali. Wani magidanci ya taɓa dawo mini da safe da kwali fanko, yana cewa an tauye masa magani. Takardarsa ta ce huɗu, a wani kemis aka ba shi mai 80/480 ba a ce masa uffan ba, ya haɗiye huɗu a tashin farko, ya ƙarasa biyun da dare. Maganin kwana uku ya ƙare a yini ɗaya. Ya karanta "huɗu" daidai. Lambar da ke jikin kwalin ce bai duba ba, wanda ya sayar masa ma bai nuna masa ba.

Wannan magani yana da wasu sharuɗɗa biyu da bd ba ta faɗa: sha na biyu awa takwas ne bayan na farko, sannan a koma safe da dare na kwana biyu, kuma hanji ya fi tsotse shi in an haɗa da abinci mai maiƙo ko madara. Madara dai ba ta yi wa Dangoma wuya ba.

Za ka ce layi ya yi tsawo, ga mutane a bayanka, ga kunyar a ce ka cika tambaya. Minti ɗaya nake nema. Ka maimaita mini da bakinka: guda nawa, ƙarfe nawa, kwana nawa. In ka faɗa ba daidai ba, a nan zan gyara maka. Kuma don Allah ka daina aiko mini yaro ɗan shekara goma da takardar mahaifiyarka. Zan yi masa bayani, amma ba shi zai ba ta maganin da ƙarfe goma na dare ba.