Fuloti a Hanwa Ba Ya Biyan Kuɗin Asibiti

A Zariya da zarar mutum ya samu 'yan kuɗi, ko na littafin da ya sayar ne a WhatsApp, shawarar da zai fara ji ita ce ya nemi fuloti wajen Hanwa, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Gaskiya ne ba ta ruɓewa. Amma ni ban yarda mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a cikinta ba.

A ce kana da naira miliyan uku, ka sa su duka a fili. Bayan wata shida aka kwantar da mahaifiyarka a asibitin Shika, ana neman dubu ɗari huɗu kafin jibi. Fili ba ya yankuwa kamar tsire. Dole ka sayar da shi gaba ɗaya, dillali kuma ya ga idonka ya san a matse kake, sai ya taya a wulaƙance, ya kuma cire la'adarsa. In takardun ba su bi ta KADGIS ba, mai saye na kirki ma ja da baya zai yi.

To a bar su tsaba? Nan ma akwai gara. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, wato miliyan ɗaya da ta kwana shekara a asusu ba ta sayen abin da dubu 750 suka saya a bara. Masu ɓoyewa a gida kuwa, canjin kuɗi na farkon 2023 ya ishe su darasi.

Abin da nake gani shi ne a raba kuɗi gwargwadon ranar da za a buƙace su. Daga miliyan ukun nan, a ware abin da zai ciyar da gida wata uku a banki, ko da gara za ta ɗan taɓa shi, don aikinsa shi ne ya fito da tsakar dare. Wani kaso ya tafi abin da ake sayarwa cikin yini, kamar zinare, sai dai a sani kuɗin ƙirar sarƙa ba ya dawowa ranar sayarwa. Mai gudun ruwa yana da sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017, ana shiga da naira dubu goma, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara.

Ragowar ita ce ta fili ko jarin buga littafi. In ba ta kai kuɗin fuloti a Hanwa ba, a matsa bayan gari, ko a jira baɗi.