Haɗin amarya: maganin asibiti ne ake dama wa 'ya'yanmu cikin man shafawa

Jama'ar Fakku, Kebbe da Tambuwal, ina son mu yi maganar da muke kauce wa. Duk lokacin da aka tada zancen bilicin sai kowa ya nuna 'yan matan birni da 'yan fim. Ku bari. Abin ya shigo gidajenmu ta ƙofar gyaran amarya, kuma da kuɗinmu ake sayensa.

Ana yawan kawo adadin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna shafa man ƙara haske. Asalinsa bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas a 2002, don haka ba zan ɗora shi kan ƙauyukanmu ba. Amma a watan Fabrairun 2023, a Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Wanda ke shakka ya dubi hannun amare a biki na gaba: fuska fes, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Ba duk mai ne nake yaƙi da shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne “haɗi”, wanda mai gyaran jiki ke damawa a roba babu suna, babu takarda. Mi ke ciki? Galibi man shafawa na banza, sai a matse masa ƙananan tub-tub ɗin nan na kyamis. Da yawansu kilobetasol ne ko betametason, wato sitiroyid. Kilobetasol yana cikin ajin da ya fi kowane ƙarfi a magungunan fata. Likita kan rubuta shi don cuta mai tsanani, a shafa kaɗan a daidai wurin. Takardar da ke cikin kwalinsa tana cewa kada a wuce giram 50 a mako, kuma a taƙaita shi ga mako biyu zuwa huɗu.

To ga lissafi. Ɗiyar wani ɗan'uwana an yi mata haɗi saura wata biyu biki. Tub uku masu giram 30 aka juye a roba guda, giram 90 ke nan, tana shafawa tun daga goshi har tafin ƙafa safe da dare, robar na ƙarewa a kwana goma. Ya kama giram 63 a mako. Ta wuce ƙa'ida tun makon farko, kuma ta yi mako takwas kafin ɗaurin aure. Bayan biki ba ta daina ba, don ango ya ga fara, wa zai yarda a wayi gari ya ga wata daban?

Farin da ake gani ba lafiya ba ce. Sitiroyid yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, yana rage aikin ƙwayoyin da ke yin launin fata, sannan yana cinye kaurin fatar kanta. Kafin shekara ta zagayo yarinyar nan ta yi nankarwa ja mai faɗi a cinya da hammata alhali ba ta taɓa haihuwa ba, jijiyoyi kore sun bayyana a hannu, ƙuraje sun feso, makero ya bazu ya ƙi jin magani saboda garkuwar fata ta kwanta. Fuska ta yi kumburi zagaye, dangin miji na ta murna wai amarya ta murje, hutu ya karɓe ta. Wace irin murjewa? Maganin ne ya ratsa fata ya shiga jini. A asibiti aka tarar jininta ya hau, suga ma ya fara hawa, tana da shekara goma sha tara.

Nan ne nake da ja da masu cewa “haramun ne, ta jefar da robar yau-yau”. Hukuncin na malamai ne, ban sa baki ba. Amma jikin mutum yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda masu samar da irin wannan sinadari da kansu. Idan aka daɗe ana ɗura shi daga waje sai su yi barci. Wadda ta yi watanni tana shafe jiki duka, in ta yanke lokaci guda, fata za ta yi ja ta yi zafi kamar ƙuna, wata kuma ta kamu da kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, har ta kai ga suma. Shi ya sa da yawa ke komawa ga man bayan kwana huɗu, mu kuma mu ce taurin kai ne. A hankali ake janyewa, a hannun likita, kuma ta tafi da robar da kwalayen ta nuna masa. Mai ciki ta faɗi gaskiya a wajen awo, don in haihuwa ta zo da tiyata, fatar da ta yi siriri ba ta riƙe ɗinki da kyau, ciwon kuma yana jinkirin warkewa.

Sai makuri, wanda iyayenmu ke kira zaiba. Shi ba a gane shi da ido ko da hanci, kuma masu zuba shi ba su cika rubutawa ba. Iyakar da duniya ta daɗe a kai ita ce kashi ɗaya cikin miliyan, amma gwaje-gwaje sun sha samun mayukan da suka ninka haka sau dubbai. A 2023 ƙasashen yarjejeniyar Minamata, da Najeriya ke ciki, suka amince a daina zuba shi a kayan kwalliya gaba ɗaya zuwa 2025. Ƙoda yake ci: fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da fuska da safe, wani lokaci rawar hannu da mantuwa. Yana ratsa mahaifa, yana bin nono, yana maƙalewa a tawul da zanin gado, ya kai ga jariri da maigidan da bai taɓa shafawa ba. Mutumin Fakku da ƙodar matarsa ta tsaya, sai ya kama hanyar Sakkwato neman wankin ƙoda, sau biyu ko uku kowane mako. Buhun gero nawa ne zai biya wannan?

Yanzu mi ya sa suke yi? Ba hauka ba ne, lissafi suke. Yarinya na ji da kunnenta ana cewa “farar mace alkyabbar mata”, ana cewa fara ko mayya ce a kawo. Tana gani an tsallake yayarta baƙa an nemi ƙanwar. Matar gida na gani za a yi mata kishiya fara. Uwar ango ta leƙa ɗaki ta ce amaryar ba ta sha gyara ba. Mu maza mu ne muka sa farashi, sannan mu zauna a majalisa muna dariyar mai “fuskar Fanta, ƙafar Kok”. Wallahi da sakel.

Hukuma ma da nata. Dokar NAFDAC ta hana makuri da sitiroyid a kayan kwalliya, amma kilobetasol na nan a teburin mai kyamis da tiren 'yan koli ranar kasuwa, yaro ma zai sayo ba takardar likita. Taron wayar da kai a otal a Kano bai kai labari rumfar kasuwar Kebbe ba. Ina kira ga sashen lafiya na ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal su zauna da masu kyamis da masu gyaran jiki, a sa ma'aikatan awo su riƙa tambayar kowace mai ciki irin man da take shafawa. Uban amarya kuma, kuɗin gyaran nan daga aljihunka ya fita. Ka ce a kawo maka robar, ka tambayi tub nawa aka matse a ciki, a nuna maka kwalayen.